Wasiƙar da Ta Gyara Rufi

Malam Zailani ya san rufin gidan da yake haya a Faskari fiye da yadda ya san ɗalibansa. Ɗaliban sun haura saba'in a aji ɗaya, kuma duk kamarsu ɗaya idan suna barci. Wuraren yoyo kuwa goma sha ɗaya ne, kowanne da halinsa. Akwai wanda ke farawa tun hadari bai gama haɗuwa ba, akwai wanda ke jira sai ruwa ya ɗauke sannan ya soma nasa. Gidan ɗakuna biyu ne, kowanne da ƙofarsa a tsakar gida. Ɗaya na kwanan iyali, ɗayan shi yake kira falo, saboda akwai tebur da littattafai a ciki, ko da yake buhunan masara sun fi littattafan cin wuri.

Shi mutumin Pauwa ne ta ƙasar Ƙanƙara, aikin koyarwa ya kawo shi makarantar sakandare a nan. Shekara biyu da suka wuce, da zai kama gidan, dillali Gide ya ce ban da kuɗin shekara da la'ada, akwai kuɗin ajiya naira dubu talatin. Wannan sabon ilmi ne da dillalai suka koyo daga manyan garuruwa: mai gida ya riƙe kuɗin, in ɗan haya ya yi ɓarna a cire, in bai yi ba a mayar masa. Malam Zailani ya biya, ya kuma sa aka rubuta a takarda. Mai gidan, Alhaji Audi, ya dangwala hannu yana murmushi irin na wanda ake yi wa wasan yara.

Bana damina ta zo da ƙarfi. Sau uku Malam Zailani ya je shagon hatsin Alhaji ya yi maganar rufi, sau uku ya dawo da “in sha Allahu” mai kyau, irin wadda ba ta da rana. A farkon Agusta aka yi ruwan kwana biyu. Katifa ta sha har ta yi nauyin mutum, kwalin silin ya ɓalle ya faɗo kan tebur, buhu biyu na masarar da ƙanensa ya aiko daga Pauwa suka jiƙa ta ƙasa. Bayan 'yan kwanaki Suwaibatu, matarsa, ta ɗaga buhu ta tarar masara ta fara tsiro.

“Malam, zo ka gani,” in ji ta. “Gonar da ka ce ba ka da ita a Faskari, ga ta nan a falo.”

Bai yi dariya ba. Ya tsaya yana duban tsiron, sai wani tunani ya zo masa mai tsabta, irin wanda ke zuwa wa masu ilmi lokacin hutun makaranta. An karɓi kuɗinsa ne don kada ya ɓata gida. To shi bai ɓata gida ba, gida ne ya ɓata shi. Ashe kuɗin ya kamata su dawo, ya sayi katifa da abin da zai maye masara.

“Zan rubuta wa Alhaji wasiƙa,” ya ce.

“Wasiƙa? Alhajin da ke nan bayan masallaci? Ka sayi goro ka same shi gida bayan la'asar, ka zauna ka daɗe. A shago kake tarar da shi cikin mutane, yana auna dawa.”

“Magana iska ce, Suwaiba. Abin da aka rubuta shi ke zama.”

“To, ai shi nake tsoro,” ta ce, ta ja buhun waje.

Ya share teburin, ya ciro takarda daga tsakiyar littafin rubutu. Sau biyu yana yagewa, don ta farko ta yi zafi, ta biyu kuma ta yi kama da roƙo. Ta uku ce ta gamsar da shi:

“Zuwa ga Alhaji Audi, mai gida. Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina sanar da kai cewa rufin gidanka da nake haya yana yoyo a wuri goma sha ɗaya. Kwano ya yi tsatsa a bakin ƙusoshi, gara ta ci katako biyu, silin ɗin ɗaki ɗaya ya faɗo. Na kawo maka wannan magana har sau uku ba a yi komai ba. Ruwa ya lalata mini katifa da buhu biyu na masara. Don haka ina roƙon a gyara rufin cikin mako biyu. Na biyu, ina roƙon a mayar mini da kuɗin ajiyata naira dubu talatin da na bayar ta hannun Gide, kamar yadda yake a rubuce. Na gode. Naka, Zailani, ɗan haya.”

Ya karanta ta da ƙarfi, ya ji ba wata kalma da za a kama shi da ita. Ya kwafi ɗaya ya ajiye, ya ninke ɗaya ya ba Gide ya kai, tunda ta hannunsa aka ƙulla hayar. Abu ɗaya ne bai tsaya ya auna ba. Alhaji Audi ya sauke Alƙur'ani, yana rubuta lissafinsa da ajami, amma boko sai an karanta masa. Gide kuwa bai taɓa samun abin karantawa ya nemi wurin da ba kowa ba.

Kwana biyar bayan nan sai ga kura a ƙofar gida ɗauke da bandir ɗin kwano sabo fil, da katako, da kafinta. Yini biyu ana buga guduma. Aka cire ruɓaɓɓen katako, aka sauya kwanon da ya mutu, wanda ke da sauran rai aka toshe hujojinsa da kwalta. Washegari aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, Malam Zailani ya zagaya ɗakunan biyu yana ɗaga kai, ko ɗigo ɗaya babu. Ya tattara robobi da tukwanen da suka yi wata biyu suna aikin tarbar ruwa ya miƙa wa Suwaibatu.

“Sau uku da baki, ba komai. Sau ɗaya da alƙalami, kwana biyar,” ya ce. “Kin ga amfanin boko.”

“Na gani. Alhajin da ya ce ba shi da kuɗin ƙusa, ina ya samu na bandir?”

Wannan tambaya ba ta dame shi ba, don a ganinsa masu gidaje kullum suna da kuɗi, mantuwa ce kawai ke damunsu.

Amsar ta zo ranar Laraba da hantsi. Gide ya yi sallama, Malam Zailani ya fito ya same shi tare da wani dogon mutum mai furfura a gemu, takalminsa na roba duk laka. Mutumin ya gaishe shi da ladabi, amma idonsa yana kan sabon kwanon.

“Malam, wannan Barau ne, daga wajen Sabuwa,” in ji Gide. “Shi za ya shiga in kun tashi. Cewa ya yi bari dai ya ga wurin da idonshi.”

“In wa ya tashi?”

“Ku mana. Ba ƙarshen watan nan shekararka ke cika ba?”

“Ita ce. Kuɗin sabuwar shekara ma na fara haɗawa. Wa ya ce maka zan tashi?”

Gide ya dube shi da mamaki na gaskiya, abin da ba a cika gani a fuskar dillali ba. “Haba Malam! Kai da kanka ka rubuta. Ni na karanta wa Alhaji a bakin shago, mutum ya kai goma a wurin. Ka ce a ba ka kuɗin ajiyarka. Duk garin nan wa ya taɓa amsar kuɗin ajiya yana zaune cikin gida? Ranar da za ka miƙa makulli ake ba ka su. Alhaji ya ce ka zo yau bayan la'asar ka amshi abinka.”

Barau ya sunkuyar da kai, ya ce shi bari ya jira a bakin hanya. Malam Zailani ya koma ciki ya ɗauko kwafin wasiƙarsa ya sake karantawa. Babu inda ya ce zai tashi. Ya nuna wa Suwaibatu layin da yatsa, kamar ita ce alƙali.

“Ni na yarda ba ka rubuta ba,” ta ce. “Amma ko ni na ji an ce wance ta je karɓar kuɗin ajiya, zuwa zan yi in taya ta ɗaure kaya.”

Ya zauna a bakin gado. Saura kwana goma sha ɗaya wata ya ƙare. Ya san yadda ɗaki ya zama a Faskari tun da mutanen ƙauyuka suka fara kwararowa suna gudun 'yan bindiga: shagon da ba taga ma an zuba masa tabarma an kira shi ɗaki. Yara huɗu gare shi. Pauwa ba wurin mayar da iyali ba ne a yanzu, ko da aiki zai bari. Ya kuma san doka ba ta yarda a tashi ɗan hayar shekara ba tare da an ba shi wa'adi ba, kuma in ya je kotu da kwafin nan, da wuya a ce ya yi sallama da gida. Sai dai ya san abin da ke biyo bayan irin wannan nasara. Zai ci wata shida a gidan mutumin da ba ya amsa gaisuwarsa, daga nan kuma duk dillalin da ya tunkara zai tuna ba shi da ɗaki.

Bayan la'asar ya sa babbar riga, ya tsaya ya sayi goro, ya tafi. Ya cire takalmi a ƙofar zauren Alhaji Audi. Alhaji yana kan buzu, tsoho siriri mai ƙaramar murya. Gide yana gefe, Barau yana can kusa da ƙofa. Aka yi gaisuwa mai tsawo, aka tambayi iyali da ruwa, aka ce ruwa ya yi gyara. Sannan Alhaji ya ɗaga gefen buzu ya ciro kuɗi a ɗaure da roba, ya ajiye a tsakaninsu.

“Ga ajiyarka, Malam. Ƙirga. Rufi kuma an gyara, ina ji ka gani. Abu biyu ka nema.”

Malam Zailani bai taɓa kuɗin ba. Ya lura hannunsa ma ya janye zuwa cikin riga, kamar kuɗin na da zafi.

“Alhaji, ni ban ce zan tashi ba. Katifa nake son saye.”

“Katifa,” in ji Alhaji, ya jinjina kai. “To mi ya hana ka zo nan ka ce mani katifa? Ka san inda kuɗinka suke? Suna Tafoki. Taki na saya da su bara na zuba a gona, masara ta yi kyau, 'yan bindiga suka hana mu zuwa girbi. Ban ci maka ba, amma ba su hannuna. Da nan ka zo, mu biyu, sai in ce Malam yi haƙuri zuwa kaka, kai kuma ka ce Alhaji ba komai, ko ka ce da komai, mu san yadda za mu yi. To takarda ka aiko. Takarda ba a ce mata ta yi haƙuri. An karanta ta gaban mutanen da ke kawo mani ajiyar hatsinsu, suna ji ana cewa Audi ya riƙe ajiyar malamin makaranta, an ba shi sati biyu.”

“Ban ce a karanta a bainar jama'a ba.”

“Ranka ya daɗe, ni dai an ce in kai,” in ji Gide da sauri. “Alhaji ya ce karanta, na karanta. Har na rage murya wajen dubu talatin ɗin.”

“Kai rufe mana baki,” in ji Alhaji ba tare da ya dube shi ba. “Muryarka ko a Daudawa an ji ta.” Ya juyo ga Malam Zailani. “Ni na ɗauka ka gaji da mu ne. Na ce to, kada bawan Allah ya tahi da haƙƙinshi a wuyana. Ba ni da ko sisi. Gide ya kawo wannan, ya biya shekara. Da kuɗinshi na sayi kwano, na biya kafinta, ga sauran nan gabanka.”

Malam Zailani ya dubi kuɗin, ya dubi Barau. Kwana uku ke nan yana kwana a bushe yana yaba wa alƙalaminsa, ashe kwanon wannan mutumin ne a kansa.

“To a mayar masa da kuɗinsa,” ya ce, amma muryar ba ta fito da ƙarfin da ya so ba. “Ni zan biya tawa shekarar ƙarshen wata.”

“Duka?”

“Rabi. Sauran in an yi albashin Satumba.”

“Ka ji,” in ji Alhaji. “Shi kuma kafin nan ya kwana ina da rabin kuɗi?”

Sai a lokacin Barau ya yi magana. Ya ce shi bai zo raba kowa da wurin kwanansa ba, an ce masa gida zai zama ba kowa ne. Ya ce wata uku ke nan da suka baro ƙauyensu, shi da matarsa Tabita da 'ya'ya uku da tsohuwarsa. Suna kwana a wani aji na makarantar firamare, su da wasu gidaje huɗu, an raba ajin da zannuwa. Hedimasta mutumin kirki ne, amma ya ce in an koma makaranta dole a ba yara wurinsu.

“Malam ya fi ni sanin ranar komawa,” ya ce.

Malam Zailani ya sani. Har ya taɓa tsayawa a ɗakin malamai yana bayani mai kyau a kan yadda zaman 'yan gudun hijira a ajujuwa ke kashe ilmi, aka kuma yaba masa.

“Sa ɗaya ya rage mani, shi na sayar,” Barau ya ci gaba. “Ni ɗaki ɗaya ma na nema. Gide ya ce biyun a haɗe suke, ko duka ko babu.”

“La'adar biyu ta fi ta ɗaya,” in ji Alhaji. Gide ya ɗaga kai yana nazarin azarar zauren.

Malam Zailani yana jin kwafin wasiƙar a aljihunsa, da takardar da Alhaji ya dangwala wa hannu. Da su zai iya riƙe ɗaki biyu na wasu watanni, kuma ba wanda zai ce ya yi ƙarya. Ya gwada wannan a ransa, ya ga kansa yana wucewa ta gaban firamaren nan kowace safiya a hanyarsa ta zuwa aiki. Ya kuma gwada ɗaukar kuɗin, ya ga kayansa a kan kura ba inda za a nufa da su. Duk karatunsa bai ba shi hanya ta uku mai daɗi ba, sai wadda ke gabansa, mai ƙunci.

Ya sa yatsa biyu ya tura kuɗin, ba wajen Alhaji ba, wajen Barau.

“Alhaji, in ka yarda, ajiyata ta zauna inda take, a Tafoki ko a ina. Ni ban tashi ba. A ba shi wannan a cikin kuɗin ɗaki ɗaya da za a mayar masa, in na biya nawa a cika masa. Ya ɗauki ɗaya, in riƙe ɗaya.”

Alhaji ya daɗe yana dubansa. “Kai da ɗiya huɗu?”

“Shi da uku da tsohuwa.”

“Tsakar gida fa? Iyalinka ba su saba da wani namiji a gida ba.”

“Ni na iya saƙar zana,” in ji Barau. “In an samu ciyawa, kwana biyu na raba tsakar gidan. Ƙofa kuma sai in huda ta baya, in Alhaji ya yarda a taɓa katanga.”

“Taɓa,” in ji Alhaji. “Wanda ya yi rufi ai ya huda katanga.” Ya ɗauki goron da Malam Zailani ya kawo, ya fasa ɗaya, ya miƙa wa kowa ɓari, har da Gide. “Katifa kuma, Malam, ka bari zuwa kaka. Ban ce in sha Allahu ba, na ce kaka.”

A hanyar gida Malam Zailani ya yi tafiyar da ta fi kowace jinkiri a rayuwarsa. Ya ba da rabin gidan Suwaibatu ba tare da ya tambaye ta ba, kuma duk jimlar da ya shirya sai ta rushe kafin ya kai ƙarshenta. Ya same ta tana tankaɗe. Ya tsaya a kanta ya faɗi komai yadda ya faru, bai gyara wa kansa ko kalma ɗaya ba.

Ba ta ɗago ba sai da ta gama abin da ke cikin rariya.

“Wato ba mu tashi.”

“Ba mu tashi.”

“Mu shida a ɗaki ɗaya.”

“Haka ne.”

“Wanne ka ba su?”

“Ban faɗa ba tukuna.”

“To ka yi abin kirki guda ɗaya yau.” Ta karkaɗe hannunta ta miƙe, ta leƙa ɗakin kwana, ta leƙa falo, kamar yau ta fara ganinsu. “Falon ya fi faɗi da kamu biyu, mu can za mu koma. A'a, tsaya. Ka ce da tsohuwa?”

“Da tsohuwa.”

Ta yi tsaki, ba shi ta yi wa ba, ba kuma kowa ba. “Bar masu falon. Tebur da littattafanka ka san inda za ka kai su, makaranta ko wurin wanda ya ce ka saya. Buhuna kuma ƙarƙashin gado. Zo ka kama mini wannan, tun da sauran haske.”

Malam Zailani ya tuɓe babbar riga ya rataye a ƙofa, ya kama ƙasan buhun.